Hanya Mafi Tsawo A Bishiyar Kwamfuta: Yadda Ake Gano Ta A Zagaye Ɗaya

Akwai wata tambaya da kusan duk mai koyon rubuta manhaja zai ci karo da ita, ko a aji ko a ganawar neman aiki. Za a ba shi bishiya mai rassa biyu-biyu, a ce ya faɗi tazara mafi tsawo da ke tsakanin gaɓoɓi biyu a cikinta. Wannan tazara ita ake kira dayamitar bishiya. Tambayar ta yi suna har ta samu gurbinta a cikin tarin atisayen LeetCode, inda take da lamba 543. Amsarta ba ta wuce layi goma sha biyu ba a rubuce, amma mutane da yawa sukan haddace layukan nan ba tare da sun gane dalilinsu ba, da zarar kuma an ɗan sauya tambayar sai kansu ya ɗaure. Alhali dalilin ba shi da wuya. Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ma zai iya binsa da biro da takarda.

Wace irin bishiya ce?

Bishiyar da ake magana a kai tsari ne na ajiye bayanai. Masanin lissafi ɗan Ingila, Arthur Cayley, shi ya fara kiran irin wannan tsari da sunan bishiya a shekarar 1857, tun kafin a ƙera kwamfuta. An gina ta da gaɓoɓi, kowace gaɓa tana riƙe da wani bayani, ko suna ko lamba. A takarda juye ake zana ta: tushe a sama, rassa suna gangarowa ƙasa. Kowace gaɓa tana da uwa ɗaya tak a samanta, in ban da tushe da ba shi da uwa. A bishiya mai rassa biyu-biyu kuwa, ba gaɓar da ke da ’ya’ya fiye da biyu: ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Tana iya samun ɗaya kawai, tana iya rasa duka. Wadda ba ta da ko ɗaya ita ake kira ganye.

Ga bishiyar da za mu yi aiki da ita, mai gaɓoɓi 9:

```
        A
       / \
      B   C
     / \
    D   E
   /     \
  F       G
 /         \
H           I
```

Kowane layi da ya haɗa uwa da ’yarta taki ɗaya ne. Daga A zuwa B taki 1. Daga D zuwa E taki 2, domin sai an hau B sannan a sauko. Babban abin lura shi ne, tsakanin kowaɗanne gaɓoɓi biyu hanya ɗaya ce kaɗai, muddin ba za a taka wuri sau biyu ba. Ba zagaye, ba yanke. Saboda haka tambayar a fili take: a cikin dukan hanyoyin nan, wacce ta fi yawan taki?

Wanda ya kalli zanen da gaggawa zai ce ai doguwar hanya dole ta ratsa tushe. Sai ya ƙirga daga H, ya hau F, D, B, ya iso A, taki 4 ke nan, ya gangara C, ya ce amsa 5. To, ba haka ba ne. A sake dubawa: daga H zuwa F, D, B, sannan a gangara E, G, I. Taki 6, kuma ko kusa da A ba a je ba. Wannan shi ne tarko na farko. Hanya mafi tsawo tana iya ɓuya gaba ɗayanta a cikin reshe guda, tushe bai ma san da ita ba.

Kowace hanya tana da ƙololuwa

Duk wanda ya taɓa zama ana warware dangantaka a gidansu ya san yadda ake yi. In ana son a san abin da ya haɗa mutum biyu, sai a fara hawa daga na farko: wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, har a kai ga kakan da suka haɗa. Daga nan sai a sauko ta ɗaya tsatson har a iso kan na biyun. Hawa sau ɗaya, sauka sau ɗaya, kuma wurin juyawa guda ɗaya ne.

Haka kowace hanya take a bishiyar kwamfuta. Ba ta yiwuwa a sauko sannan a sake hawa, domin gaɓa uwa ɗaya gare ta, kuma ta wurin uwar aka sauko, komawa kenan sai an maimaita taki. Don haka kowace hanya tana da gaɓa ɗaya da ta fi sauran tudu, mu kira ta ƙololuwa. A hanyar H zuwa I, ƙololuwar ita ce B. A hanyar H zuwa C, A ce.

Da wannan sai aikin ya sauƙaƙa. Maimakon a gwada kowace gaɓa da kowace, sai a je wa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: in ke ce ƙololuwa, wace hanya ce mafi tsawo da za ki iya bayarwa? Amsar ita ce iyakar takin da za a iya gangarawa ta hagunta, a haɗa da iyakar takin da za a iya gangarawa ta damanta. A wurin B, 3 da 3, wato 6. A wurin A, 4 da 1, wato 5. Tunda kowace hanya tana da ƙololuwa, kuma an tambayi kowace gaɓa, babu hanyar da za ta kuɓuce. Jimlar da ta fi kowacce girma ita ce dayamita.

Inda aiki yake ɓarna

Hanyar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya tsaya a kan kowace gaɓa, ya sauka ya auno zurfin hagu, ya sauka ya auno zurfin dama, ya haɗa, ya wuce gaɓa ta gaba ya sake. Amsar da zai samu daidai ce. Matsalar tana wajen yawan zirga-zirga. Dubi H: za a je mata lokacin da ake auna ƙarƙashin A, a sake zuwa don B, a sake don D, a sake don F. Sau 4 ana tambayarta abu ɗaya, amsarta kuma ba ta canja ba. In aka tara irin wannan ziyara a bishiyar tamu duka, za a samu 20, alhali gaɓoɓin 9 ne.

A ƙaramar bishiya wannan ba abin damuwa ba ne. A babba kuwa, siffarta ce ke yanke hukunci. Bishiyar da ta cika ta ko’ina, mai hawa 20, tana ɗauke da gaɓoɓi 1,048,575, kuma awon zai ci ziyara kusan miliyan 19. Da nauyi, amma kwamfuta za ta ɗauka. A nan gizo ke saƙa: bishiyar da ta karkace, kowace gaɓa ’ya ɗaya, ta zama kamar layi miƙaƙƙe. In gaɓoɓinta 10,000 ne, ta farko za ta sa a ziyarci 9,999, ta biyu 9,998, haka har ƙasa. Jimla 49,995,000. In gaɓoɓin suka kai miliyan 1, ziyarar ta kusa biliyan 500. Duk lokacin da aka ninka gaɓoɓi sau biyu, aikin ya ninku sau huɗu. Masana suna rubuta wannan da alamar `O(n²)`.

Kada a ɗauka irin wannan karkatacciyar bishiya sai a littafi. Ana samunta cikin sauƙi. A bishiyar bincike, ƙaramar lamba hagu take tafiya, babba dama. In aka zuba mata lambobin da suka riga suka jeru, misali lambobin rajistar ɗalibai daga 1 zuwa sama, kowace sabuwa ta fi ta bayanta, sai duk su yi ta gangarawa dama. Wannan matsala ce ta sa Adelson-Velsky da Landis na Tarayyar Sobiyet suka fito da bishiyar AVL mai daidaita kanta a 1962. Amma wanda aka miƙo wa bishiya ya auna, ba shi ke zaɓen siffarta ba.

Daga ƙasa zuwa sama

Maganin shi ne a juya alƙiblar aikin. Kada uwa ta sauka tana aune-aune. A bari ’ya’ya su gama nasu, kowace ta miƙo rahoton zurfinta, uwa ta karɓa. Zurfin gaɓa a nan shi ne yawan gaɓoɓin da ke kan gangara mafi tsawo da ta fara daga kanta. Ganye zurfinsa 1. Gurbin da babu kowa zurfinsa 0. Amfanin wannan ƙirga shi ne, zurfin ’ya ya yi daidai da yawan takin da uwa za ta yi in ta gangara ta wannan ɓangare.

Idan rahotanni biyu suka iso, gaɓa tana yin abu biyu, kuma bambance su shi ne zuciyar dabarar duka.

Na farko, tana haɗa hagu da dama. Wannan ita ce hanya mafi tsawo da ita ce ƙololuwarta. Ba ta aika wannan lamba sama. Tana gwada ta ne da wata lamba da aka ajiye a gefe, mu kira ta zakara, wato jimla mafi girma da aka gani zuwa yanzu. In sabuwar ta fi, ta zama zakara.

Na biyu, tana zaɓar wanda ya fi zurfi tsakanin hagu da dama, ta ƙara 1 don kanta, ta miƙa wa uwarta. Me ya sa ɗaya kawai? Saboda hanyar da za ta fito daga sama ta shigo wannan gaɓa ba za ta rabu biyu ba. Ko ta bi hagu ko ta bi dama. Abin da uwa take buƙata shi ne reshe ɗaya mafi tsawo.

Gani ya kori ji, mu bi bishiyarmu. Zakara ya fara da 0. Ana gangarawa hagu har ƙarshe, don haka H ce farkon mai magana. Ba ta da ’ya’ya, jimlarta 0, ta miƙa 1. F ta karɓi 1 daga hagu, 0 daga dama. Jimla 1, zakara ya koma 1, ta miƙa 2. D ta karɓi 2 da 0, zakara ya koma 2, ta miƙa 3.

B ba za ta yi lissafi ba tukuna, domin damanta bai kawo rahoto ba. Sai a gangara can. I ta miƙa 1. G tana da 0 a hagu, 1 a dama, jimlarta 1, ba ta kai zakara ba, ta miƙa 2. E tana da 0 da 2, jimlarta 2, ta yi kunnen doki da zakara, ta miƙa 3.

Yanzu B tana riƙe da 3 da 3. Jimla 6, zakara ya tashi daga 2 zuwa 6. Amma abin da ta miƙa wa A ba 6 ba ne, ba 7 ba ne: 3 ne da 1, wato 4. C ganye ce, ta miƙa 1. A ta haɗa 4 da 1, ta samu 5, bai kai 6 ba, zakara yana nan yadda yake. Aiki ya ƙare, amsa 6. Gaɓoɓi 9, kowace an saurare ta sau ɗaya.

Ga yadda ake rubuta shi da Python:

```python
def dayamita(tushe):
    zakara = 0
    def zurfi(g):
        nonlocal zakara
        if g is None:
            return 0
        hagu = zurfi(g.left)
        dama = zurfi(g.right)
        zakara = max(zakara, hagu + dama)
        return 1 + max(hagu, dama)
    zurfi(tushe)
    return zakara
```

Aikin `zurfi` yana kiran kansa da kansa a kan ’yar hagu da ’yar dama, sai sun dawo masa da amsa yake ci gaba. Layin `hagu + dama` shi ne abin da gaɓa ke ajiyewa. Layin `1 + max(hagu, dama)` shi ne abin da take miƙawa. Karkatacciyar bishiyar nan mai gaɓoɓi 10,000 da ta ci ziyara kusan miliyan 50, yanzu ziyara 10,000 ta ishe ta. Wannan shi ne `O(n)`, kuma ba a iya yin ƙasa da haka, domin duk reshen da ba a leƙa ba, wataƙila a cikinsa doguwar hanyar take.

Kurakurai da alamominsu

Kowane kuskure a wannan aiki yana da tambarinsa, kuma bishiyarmu mai gaɓoɓi 9 tana tona yawancinsu.

In amsa ta fito 5, an auna tushe ne kaɗai, an manta da zakara. Wannan kuskure yana da wuyar kamawa, saboda a bishiyoyi da yawa doguwar hanyar ta tushen take bi, sai manhajar ta yi ta cin gwaji. Don haka dole a cikin gwaje-gwaje a sa bishiyar da ɓangarenta ɗaya gajere ne, ɗayan kuma ya yi rassa biyu masu zurfi.

In amsa ta fito 8, an miƙa `1 + hagu + dama` sama ne maimakon reshe ɗaya. B za ta miƙa 7, C ta miƙa 1, A ta haɗa 8. Manhajar ta daina auna hanya, ta koma ƙirga dukan layukan bishiya. Alamarsa ita ce kullum amsar takan zama yawan gaɓoɓi a cire ɗaya, kowace irin bishiya aka ba ta.

In amsa ta fito 7, gaɓoɓi aka ƙirga, ba taki ba. Hanyar H zuwa I tana da gaɓoɓi 7 da taki 6. Wasu littattafai da gaɓoɓi suke ƙirgawa, don haka sai an fara tabbatar da abin da mai tambaya yake nufi. Gwajin da ke raba gardama shi ne bishiya mai gaɓa ɗaya tilo: a ƙirgar taki amsarta 0, a ƙirgar gaɓoɓi 1.

Akwai kuma kuskuren da ba ya bayyana sai a karo na biyu. In aka ajiye `zakara` a waje da aikin `dayamita`, ba a mayar da shi 0 kafin sabon awo ba, to bayan an auna babbar bishiya, duk ƙaramar da ta biyo baya za ta gaji amsar babbar. Wanda ya ga amsa ba ta taɓa raguwa daga gwaji zuwa gwaji, ya duba nan. In kuma aka manta layin `nonlocal`, Python ba ya ɓoyewa, zai tsaya ya nuna `UnboundLocalError`.

Ga ma’auni mai sauri na kama amsar da ta kauce. A ƙirga taki daga tushe zuwa ganye mafi nisa. Dayamita ba ta gaza wannan lamba, ba ta kuma wuce ninkinta biyu. A bishiyarmu lambar 4 ce, don haka amsa tana tsakanin 4 da 8. Ma’aunin ba ya tabbatar da daidai, amma duk abin da ya fita daga iyakar nan kuskure ne kai tsaye.

Iyakar dabarar

Zagaye ɗaya ya rage lokaci, amma yana cin wurin ajiya. Lokacin da H take magana, F da D da B da A duk suna tsaye suna jira, kuma kwamfuta tana riƙe da kowannensu a ƙwaƙwalwarta. Yawan masu jira daidai yake da zurfin bishiya. A cikakkiyar bishiya mai gaɓoɓi sama da miliyan 1, masu jira ba su wuce 20 ba. A karkatacciya mai gaɓoɓi 10,000, su ma 10,000 ne. Python kuwa, yadda yake zuwa, yana tsayar da kira a cikin kira idan ya kai wajen 1000, ya nuna `RecursionError`. Ana iya ɗaga iyakar da `sys.setrecursionlimit`, amma abin da ya fi aminci shi ne a ajiye jerin masu jiran da hannu, a daina kiran kai. Tunanin bai canja ba: ’ya’ya su gama kafin uwa.

Dabarar tana miƙewa zuwa wasu wurare. In gaɓa tana da ’ya’ya da yawa, sai ta haɗa zurfafa biyu mafi girma, ta miƙa mafi girman. In takin ba daidai suke ba, misali kowane layi yana da tsawonsa na mita, sai a ƙara tsawon layin a maimakon 1. Amma da zarar tsarin ya samu zagaye, wato hanya fiye da ɗaya tsakanin wurare biyu, ya tashi daga bishiya, maganar ƙololuwa ɗaya ta rushe, dabarar ma ta rushe tare da ita.

Akwai wata hanya ta daban da ake iya gwada amsa da ita. A tashi daga kowace gaɓa, a nemo wadda ta fi nisa da ita. Daga wannan kuma a sake nemo mafi nisa. Tazarar ta biyu ita ce dayamita. Daga A, mafi nisa H ce ko I, taki 4. Daga H, mafi nisa I ce, taki 6. Amsa ta zo ɗaya. Sai dai wannan zagaye biyu ne, kuma yana buƙatar a iya hawa daga ’ya zuwa uwa, abin da yawancin bishiyoyi masu rassa biyu ba su tanada ba.

Me ake yi da lambar?

A duk tsarin da aka shimfiɗa kamar bishiya, misali na’urorin sadarwa da aka jona ba tare da zagaye ba, dayamita ita ce tafiya mafi muni da saƙo zai iya yi. Tana kuma nuna inda tsakiya take. Masanin lissafi Bafaranshe, Camille Jordan, ya tabbatar a 1869 cewa kowace bishiya tana da cibiya ɗaya, ko biyu maƙwabtan juna. Cibiyar tana zaune ne a tsakiyar hanya mafi tsawo. A bishiyarmu tsakiyar hanyar H zuwa I ita ce B. Daga B babu gaɓar da ta wuce taki 3, alhali daga A, da ke saman zane, akwai masu taki 4. Mai neman wurin da zai kafa abin da kowa zai iso da sauri, B zai zaɓa, ba tushe ba.

Mai karatu, kada ka tsaya a bishiyar da muka zana. Ɗauki takarda ka zana taka mai gaɓoɓi 12 ko 15, ka karkatar da ita yadda ka so. A gefen kowace gaɓa ka rubuta lamba biyu, wadda ta ajiye da wadda ta miƙa, ka fara daga ganye kana hawa. Sannan ka ƙirga doguwar hanyar da yatsa, ka ga ko sun dace. Ranar da ka iya faɗin dalilin da ya sa lambobin nan biyu suka bambanta, ba ka da sauran buƙatar haddace layi ko ɗaya.